Gwajin sonomita: me ya sa ninka nauyi bai ninka tsawon waya ba?

*Malam, barka da aiki. Ina aji uku na babbar sakandare. A gwajin sonomita mun yi amfani da tunin fok mai 256 Hz. Da muka rataya kilo 2, 'yar takardar da muka ɗora a kan wayar ta faɗi a tsawon santimita 28. Da muka mayar da shi kilo 4 na ɗauka sai a 56 za ta faɗi, sai ga ta a 39. Kuskure muka yi? Kuma don Allah mene ne ainihin hamonik ɗin nan? Na haddace lissafin, amma ban san daga ina ya fito ba.*

Barka kadai, ɗana. Ba ku yi kuskure ba. Awon naku ma ya yi kyau ƙwarai, har zan iya gaya maka kaurin wayar da kuka yi aiki da ita ba tare da na gan ta ba. Amma kafin mu kai can, ajiye lissafin tukuna, mu fita tsakar gida wurin igiyar shanya.

Ka sami igiya doguwa wadda aka ɗaure bakinta ɗaya a jikin ƙusa ko itace. Riƙe ɗaya bakin, ka ja ta ta miƙe, sannan ka fizga hannunka sama sau ɗaya tak. Za ka ga wani ɗan tudu ya tashi daga hannunka yana gudu a kan igiyar. Wannan tudun mai tafiya shi zan riƙa kira taguwa, kamar taguwar ruwa. Igiyar kanta ba ta zuwa ko'ina, kowane yanki nata sama yake yi ya dawo ƙasa, fasalin ne kawai ke tafiya. To zuba ido a wurin ƙusar. Idan tudun ya isa can ba ya ɓacewa, dawowa yake yi, amma a kife: ya tafi yana tudu, ya dawo yana kwari. Dalili kuwa shi ne igiyar ta ja ƙusar sama, ƙusar ba ta motsi, sai ita ma ta ja igiyar ƙasa da ƙarfi daidai da wanda aka ja ta da shi. Wannan jan na ƙasa shi ne taguwar da ta dawo a kife.

Sonomita kuwa akwati ne da aka miƙa waya a kansa, aka rataya nauyi a bakinta ɗaya. Wayar ɗaure take ta gefe biyu. 'Yan katakan nan biyu da take hawa kansu, waɗanda makaɗan goge da molo ke kiran irinsu jaki, su ne ƙusoshinta. Saboda haka duk taguwar da ta shiga tsakaninsu ta shiga kurkuku. Ta je wancan jaki ta kife, ta dawo wannan jaki ta sake kifewa, sai ta koma yadda take da farko, a wurin da ta fara, tana fuskantar inda ta fuskanta. Kifewa biyu sun soke juna. Tafiyar da ta yi a zagaye ɗaya ita ce tsawon wayar sau biyu, wato `2L`. Idan saurinta `v` ne, lokacin zagayen shi ne `2L/v`, kuma yawan zagayen da za ta yi a sakan ɗaya shi ne:

```
f₁ = v / 2L
```

Ka ga inda 2 ɗin nan na cikin lissafin da ka haddace ya fito. Zuwa ne da dawowa.

Yanzu kawo tunin fok, ƙarfen nan mai yatsu biyu da ke kaɗawa idan an buga shi. Idan ka buga shi ka ɗora gindinsa a kan akwatin, yana ɗan tura wayar sau 256 a kowane sakan. Turawa ɗaya ba ta da wani ƙarfi. Amma ka tuna yadda ake tura yaro a lilo: in kana tura shi daidai lokacin da ya iso gare ka, da ɗan yatsa ma sai ya yi sama, in kuwa kana turawa barkatai, wani turin ƙara masa zai yi, wani ya tare shi, lilon ba zai tashi ba. Haka wayar take. In taguwar ta gama zagayenta ta iso daidai lokacin da fok ɗin zai sake turawa, sabon turi ya hau kan tsoho, motsi ya yi ta taruwa har ya jefar da 'yar takardar da kuka ɗora. In ta iso da wuri ko a makare, turin ya riƙa cin juna, takarda ta zauna abinta. Lokacin da kuke matsar da jaki a hankali kuna jiran takarda ta faɗi, abin da kuke nema ke nan: tsawon da zai sa zagaye ɗaya ya ɗauki kashi ɗaya cikin 256 na sakan.

A wannan yanayi taguwa biyu ne a kan wayar a kowane lokaci, ɗaya tana gudu dama, ɗaya hagu, girmansu ɗaya, saurinsu ɗaya. Idan suka haɗu ido ba ya ganin wata tafiya kuma. Sai ka ga wayar ta kumbura a tsakiya tana rawa a wuri ɗaya. Shi ya sa ake ce mata tsayayyiyar taguwa. Wuraren da ba sa motsi sam, a aji kuna ce musu nod, ni kuwa na fi son kiransu gaɓa, domin wayar kan yi kama da karan rake, gaɓa, ciki, gaɓa. Tsakiyar kowane ciki, inda rawar ta fi yawa, shi ne antinod. Duk ilimin wannan babi yana rataye ne a kan sharaɗi guda: bakin wayar biyu dole su zama gaɓa, tunda jaki ya danne su.

Daga wannan sharaɗi hamonik ya fito. Tambayi kanka, waɗanne fasali ne waya za ta iya yi alhali bakinta biyu ba sa motsi? Za ta iya yin ciki ɗaya, daga jaki zuwa jaki. Za ta iya yin ciki biyu da gaɓa ɗaya a tsakiya. Za ta iya yin uku, huɗu, har gaba. Ciki ɗaya da rabi fa? Ba zai yiwu ba, domin hakan na nufin bakin wayar ya faɗo a tsakiyar ciki, inda rawa ta fi ƙarfi, ga shi kuwa a danne yake. Cikakkun lambobi kaɗai ke shiga.

Cikakkiyar taguwa ɗaya tudu ne da kwari, wato ciki biyu. Tsawonta shi ne `λ`, wanda za mu kira zango, kalmar da masu sauraron rediyo suka sani a gajeren zango da matsakaicin zango. Tunda ciki ɗaya rabin zango ne, waya mai tsawon `L` da ta yi ciki `n` tana da `L = nλ/2`. Ka haɗa da `v = fλ`, sai ka sami:

```
λₙ = 2L / n
fₙ = n × v / 2L        n = 1, 2, 3, ...
```

Ciki ɗaya shi ne hamonik na farko, muryar tushe. Ciki biyu hamonik na biyu, kaɗawarsa ninki biyu na ta farko. Ciki uku ninki uku. In ka koma misalin lilo ma abin ya fito: a hamonik na biyu turi biyu ne ke shiga cikin kowane zagaye, a na uku turi uku, kuma kowane turi idan ya zagayo yana tarar da wani sabo daidai a kan lokaci.

Lura da abu ɗaya a nan, domin shi ne mabuɗin tambayarka. Tsawon waya shi ke yanke zango, ba ruwansa da nauyin da ka rataya. Nauyin da ka rataya kuwa aikinsa a kan sauri yake, a kan `v`. Aiki biyu ne daban, ɗalibai kan cakuɗa su.

Me ke yanke saurin taguwa a waya? Abu biyu ne ke ja-in-ja. Na farko ƙarfin jan da ke cikin wayar, wato tenshan, `T`. Idan wani yanki na wayar ya kauce daga layi, jan nan ne ke fizgo shi ya dawo, kuma gwargwadon tsananin jan, gwargwadon hanzarin dawowar, sai saƙon ya wuce ga yanki na gaba da sauri. Na biyu nauyin wayar kanta. Ba nauyinta gaba ɗaya ake nufi ba, nauyin kowace mita ɗaya tata, wanda ake rubutawa da `μ`, a kilo bisa mita. Waya mai kauri tana da nawa, ba ta tashi da wuri, ba ta tsayawa da wuri. Ja yana ƙara sauri, nauyi yana rage shi:

```
v = √(T / μ)
```

Wannan alamar sukwaya rut ita ce ta ba ka 39 maimakon 56. Kada ka ɗauke ta a matsayin abin haddacewa kawai, duba ma'aunai za ka ga ba makawa sai da ita. Niyuton ɗaya shi ne `kg·m/s²`. Ka raba shi da `kg/m`, kilo ya tafi, ya bar `m²/s²`. Wannan sauri ne sau sauri. Ke nan `T/μ` ba sauri ba ne, sauri ne da aka ninka da kansa. In ka ninka jan sau biyu, `v²` ne ya ninka sau biyu, shi kuwa `v` sai ya ƙaru da `√2`, wato kusan 1.41. Ga wata hanya ta fahimtarsa: ƙarfi yana ba da hanzari ne, kuma nisan da abu ke ci a ƙarƙashin hanzari yana tafiya da lokaci sau lokaci. Don ka rage lokacin dawowar waya zuwa rabi, sai ka ninka ƙarfin sau huɗu.

To mu ɗauki awonku. Fok ɗin bai canza ba, 256 ne a duka biyun. Da kilo 4, jan shi ne `T = 4 × 10 = 40 N`, idan muka ɗauki `g` a matsayin 10 kamar yadda ake yi a jarrabawa. Tsawo mita 0.39. Saurin taguwa:

```
v = 2Lf = 2 × 0.39 × 256 ≈ 200 m/s
μ = T / v² = 40 / 40000 = 0.001 kg/m
```

Wato kowace mita ta wayarku giram ɗaya ce. In ta ƙarfe ce irin wadda aka saba sa wa sonomita, mai nauyin kilo 7800 a kowace mita kubik, to faɗin bakinta `0.001/7800`, kusan `1.28 × 10⁻⁷ m²`, wanda ya ba da kauri na milimita 0.4. Ka nemi maikuromita a ɗakin gwaji ka auna, ina sa ran abin da za ka gani bai yi nisa da haka ba. In kuwa ta tagulla ce, za ta ɗan fi haka siranta, domin tagulla ta fi ƙarfe nauyi.

Yanzu mu juya mu yi hasashen awon kilo 2 da wannan `μ`. Jan ya zama 20 N, `v = √(20/0.001) = √20000`, kusan mita 141 a sakan. Tsawon da ake bukata `141.4 / (2 × 256)`, wato mita 0.276, santimita 27.6. Ku kun karanta 28. Bambancin milimita huɗu ne kacal. Abin da ya faru a zahiri shi ne, da kuka ninka nauyi taguwar ta ƙara gudu daga 141 zuwa 200, sai ta bukaci hanya mai tsawo kaɗan don zagayenta ya ci gaba da ɗaukar lokaci ɗaya da na fok. Gudu ya ƙaru da 1.41, hanya ma ta ƙaru da 1.41. Da kuna son takarda ta faɗi a wajen santimita 55 ko 56, kilo 8 za ku rataya.

Milimita huɗun nan ma ya kamata ka san inda suka fito, domin a nan ake gane mai gwaji na gaske. In ka raba 39 da 28 za ka sami 1.39, ba 1.41 ba. Abu na farko da nake zargi shi ne karatu: takarda ba ta faɗuwa a ɗigo ɗaya, tana fara rawa kafin a iso wurin, tana ci gaba da rawa bayan an wuce. Gyaransa shi ne ka matso da jaki daga gefen gajarta har ta faɗi, ka rubuta, ka sake matsowa daga gefen tsawo, ka rubuta, ka ɗauki tsakiya. Na biyu, ƙugiyar da ake jera nauyi a kanta ita ma tana da nata nauyin, kuma sau da yawa ana mantawa da ita. In giram 100 ce, ainihin abin da kuka rataya kilo 2.1 ne da 4.1, sai rabon ya zama `√(4.1/2.1)`, kusan 1.40. Ka ga wannan mantuwa kaɗai ta matsar da amsa zuwa wajen abin da kuka samu. Na uku 'yar tayar da waya ke bi ta kanta kafin ta sauka ga nauyi. In ta yi tsatsa ko ƙura ta cika ta, tana riƙe wani kaso na jan, sai abin da ya isa tsakanin jakunan ya bambanta da abin da kuka rataya. Duk lokacin da ka ƙara nauyi, ɗan ɗaga wayar daga kan jaki ka sake ta, ka ɗan ƙwanƙwasa tayar, jan ya daidaita.

Na taɓa shan wahalar wannan a wata makaranta da na koyar. Rukuni guda na ɗalibaina kullum awonsu yana fita daga layi, su kaɗai, mako biyu a jere. Na duba lissafinsu ban ga aibu ba. Sai da na bi wayar da yatsa daga jaki zuwa jaki na ji wani ɗan lanƙwasa a jikinta, wurin da aka taɓa naɗe ta da ƙarfi, ga kuma tsatsa ta cinye gefe ɗaya. Lissafin nan gaba ɗaya ya ginu ne a kan cewa `μ` iri ɗaya ne daga farko har ƙarshe. Da muka sa sabuwar waya, awon ya hau layi a ranar. Tun daga lokacin ba na fara wannan gwaji sai na shafa wayar tukuna.

Hanyar da ta fi kowace tona irin waɗannan matsaloli ita ce zanen giraf. In ka haɗa lissafin biyu ka sami `f = (1/2L)√(T/μ)`, wanda in ka juya shi ya zama `L² = Mg / (4f²μ)`, inda `M` shi ne kilon da ka rataya. Ka auna da kilo 1, 2, 3, 4, 5, ka zana `L²` a tsaye, `M` a kwance. Miƙaƙƙen layi za ka samu. Da wayarku gangarensa zai kai kusan 0.038, kuma daga gangaren ne za ka fitar da `μ` wanda ya fi na awo ɗaya inganci. In layin bai bi ta sifili ba, ya yanki layin kwance ta gefen hagu, nisan da ya kauce shi ne nauyin ƙugiyar da aka manta. In kuwa ka zana `L` kai tsaye da `M`, lanƙwasasshen layi za ka gani, yana hawa da sauri da farko, yana gajiya daga baya. Wannan gajiyar ita ce ta ba ka mamaki.

Ka kuma yi hattara da lodi. Kilo 4 a kan waya mai kaurin milimita 0.4 ba komai ba ne, miƙewar da take yi ba ta kai kashi biyu cikin dubu na tsawonta ba, shi ya sa muke ɗaukar `μ` bai canza ba. Da roba ce da maganar ta sha bamban, domin tana miƙewa tana sirancewa. Amma in wani ya ce bari ya ninka saurin daga 200 zuwa 400, kilo 16 zai rataya, kuma a nan tsohuwar waya kan tsinke. Idan ta tsinke, bakinta fuska yake nema, nauyin kuma ƙafa. Kada ka sunkuya a kanta lokacin da ake ƙara nauyi, kuma a ajiye buhun yashi ko kwali a ƙarƙashi.

Wannan doka ta tsufa. Marin Mersenne, wani malamin coci Bafaranshe, shi ya tsara ta a rubuce a 1636, bayan ya auna dogayen igiyoyi masu rawa a hankali har ido na iya ƙirga kaɗawarsu. Gwaji ne ya ba shi ita. Fitar da ita daga dokokin motsi sai daga baya, a hannun Brook Taylor a 1713. Makaɗa kuwa sun riga su duka sanin abin da hannu. Mai goge tsirkiya ɗaya gare shi, amma yana fitar da muryoyi da yawa, domin duk inda ya sa yatsa ya rage `L`. Mai gurmi ko garaya idan ya zauna yana ɗaure tsirkiya kafin wasa, `T` yake gyarawa. Kuma da damina, idan fatar da jaki ke zaune a kanta ta sha danshi ta saki, jakin ya ɗan nutse, jan ya ragu, murya ta sauka. Sukwaya rut ɗin nan yana yi musu rana a nan: in jan ya ragu da kashi 2 cikin ɗari, murya da kashi 1 kawai take sauka.

Aikin `μ` kuwa a jikin jita ya fi fitowa fili. Wayoyinta shida tsawonsu ɗaya, kusan santimita 65. Siririyar ƙarshe tana kaɗawa sau 330 a sakan, mai kaurin ƙarshe sau 82, wato kashi ɗaya cikin huɗu. Da a ce da sassauta ja kaɗai za a sami wannan, sai an rage jan sau 16, wayar ta zama lagwani ba ta ko ƙara. Saboda haka ake barin jan kusan ɗaya, a ƙara nauyin kowace mita kusan sau 16. To me ya sa ake naɗe masu kaurin da wata siririyar waya, ba a sa ƙarfe guda mai kauri ba? Domin lissafinmu ya ɗauka waya ba ta da taurin kanta, ja ne kaɗai ke dawo da ita. Ƙarfe mai kauri kuwa yana ƙin lanƙwasa, kuma wannan taurin ya fi tasiri a manyan hamonik, inda cikkunan suke gajeru, lanƙwasar ta yi tsanani. Sai hamonik na biyar ya ɗara ninki biyar, na goma ya ɗara ninki goma sosai, murya ta fara kama da ta ƙararrawa. Naɗi yana ƙara nauyi ba tare da ƙara tauri mai yawa ba. Wannan ita ce babbar iyakar `fₙ = n f₁`: tana aiki ne ga siririyar waya, mai laushi, wadda rawarta ba ta yi yawa ba. In ka fizgi waya da ƙarfi ma za ka ji muryar ta ɗan hau da farko sannan ta sauko, domin babbar rawa tana ƙara miƙa wayar, jan ya ƙaru na ɗan lokaci.

Akwai abin da ban faɗa ba tukuna. Fok murya ɗaya yake bayarwa, shi ya sa yake tayar da hamonik ɗaya kawai. Amma idan ka fizgi waya da yatsa, fasalin da ka ba ta kusurwa ne, kamar jinkar ɗaki, ba ciki mai santsi ba. Wannan kusurwar haɗin hamonik da yawa ce, sai dukansu su tashi tare. Kunne yana jin ta farko a matsayin muryar, sauran kuma su ne ke ba ta launi, su ke sa ka bambanta kukuma da molo ko da murya ɗaya suka riƙe. Kana iya tabbatar da suna nan da kunnenka. Bar kilo 4 da santimita 39. Fizgi wayar kusa da jaki, sannan ka taɓa tsakiyarta, a 19.5, da gefen yatsa ko gashin kaza, taɓawa kawai ba dannawa ba. Muryar 256 za ta mutu nan take, domin tsakiyar cikinta ka taɓa. Amma wata siririyar murya za ta saura tana kuka. Ita ce 512, hamonik na biyu, wanda gaɓarsa take daidai inda yatsanka yake, bai ma san ka taɓa ba. Ka sake, wannan karon ka taɓa a santimita 13, kashi ɗaya cikin uku, za ka ji 768. In kuma ka fizgi wayar daga tsakiya cif, sannan ka taɓa tsakiyar, kusan shiru za ka ji, domin ba a tayar da hamonik daga kan gaɓarsa, na biyu da na huɗu ba su tashi ba tun farko. Shi ya sa fizga daga tsakiya ke ba da murya mai taushi, fizga kusa da jaki kuma mai kaifi.

A jarrabawa wurare uku na fi ganin ana zubar da maki. Mafi yawa shi ne sa 340 a matsayin `v`. Wannan saurin sauti ne a iska, ba shi da alaƙa da saurin taguwa a waya. Abin da waya ke miƙa wa iska shi ne yawan kaɗawa kaɗai: a wayarku zangon mita 0.78 ne, amma sautin da ya iso kunnenka zangonsa `340/256`, kusan mita 1.33. Sai sa kilo a wurin `T` ba tare da an ninka da `g` ba, ko barin `μ` a giram, wanda kan ɓata amsa da ninkin `√1000`. Sai kuma ƙirgar obaton: obaton yana nufin muryoyin da ke saman ta tushe, saboda haka obaton na farko shi ne hamonik na biyu, na biyu shi ne hamonik na uku. In ka ruɗe, zana wayar ka ƙirga ciki, adadin ciki shi ne `n`.

Ga gwajin da nake so ka yi idan kun koma ɗakin gwaji, kuma ka rubuta hasashenka kafin ka taɓa komai. Bar jakunan a santimita 39, ka sauke nauyi zuwa kilo 1 har da ƙugiya. Jan ya ragu sau huɗu, sauri ya koma 100, muryar tushe ta koma 128. Ɗora takarda a tsakiya, buga fok na 256, ɗora shi a akwati. Takardar ba za ta motsa ba, ko sau nawa ka buga. Kada ka ce babu komai. Yanka takardu uku ƙanana, ka bar ɗaya a tsakiya, ka sa ɗaya a wajen santimita 10 daga jakin hagu, ɗaya a santimita 10 daga jakin dama, ka sake bugawa. In jan ya daidaita, biyun gefe za su yi tsalle su faɗi, ta tsakiya ta zauna a kan gaɓa. In ba su faɗi ba, matsar da jaki ɗaya milimita kaɗan gaba ko baya kana sake bugawa. Sai ka rubuto mini tsawon da suka faɗi a kai, da kaurin da maikuromita ta nuna.